Daga wari zuwa ƙwayar cuta: yadda kwalara ta sauya aikin magudanai, ruwan sha da rigakafi

Likitocin Turai na farkon ƙarni na 19 sun yi imani cewa annoba daga gurɓatacciyar iska take fitowa. A ganinsu, duk abin da ya ruɓe, ko mushe ne ko bahaya ko ruwan fadama da ya kwanta, yana fitar da wani tururi mai guba, wanda ya shaƙe shi kuma sai ya kwanta ciwo. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin wauta ba, domin abin da ido ke gani yana goyon bayansu. Unguwar da ta fi ɗoyi ita ta fi yawan gawa. Masu zama kusa da fadama su ne zazzaɓi ya fi kayarwa. Idan aka kwashe shara aka buɗe kwata, sau da yawa ciwo yakan ragu. Ra'ayin yana da wani rauni guda ɗaya, kuma shi ne ya ci rayuka: ya nuna wa mutane cewa ƙazanta na kisa, amma ya ɓatar da su a kan ƙofar da take shiga jiki. Babu cutar da ta fallasa wannan kamar kwalara.

Kwalara ta shiga Birtaniya a 1831 ta tashar jiragen ruwa ta Sunderland, ta isa Landan a 1832. A lokacin yawancin gidajen birnin suna da ramin masai a ƙarƙashin gida ko a bayansa, kimanin ramuka 200,000, masu kwasa suna zuwa da dare su yashe su kai wa manoma. Da masu hali suka fara saka bayan gida mai ruwa, sai ramukan suka riƙa cika da wuri suna tumbatsa cikin ɗakunan ƙasa. Edwin Chadwick, wani lauya da ya wallafa babban rahoto a 1842 kan halin da ma'aikata talakawa ke zaune a ciki, ya tsaya kai da fata cewa warin nan shi ne cutar. Maganinsa kuwa a bayyane yake: a raba gidaje da bahaya cikin gaggawa. Daga 1848 hukumar magudanan birnin ta shiga rufe ramukan masai, tana haɗa gidaje da tsofaffin magudanan da aka gina domin ruwan sama, tana kora su da ruwa. Su kuma waɗannan magudanai bakinsu ɗaya ne, kogin Thames, a tsakiyar gari.

A wannan kogin ne kamfanoni da dama ke ɗebo ruwan da suke sayar wa jama'a. Ga shi kuma kogi ne da teku ke tura ruwansa baya sau biyu a rana, saboda haka abin da aka zuba ba ya wucewa kai tsaye, sai ya yi ta kai da komo a gaban bututun masu ɗiba. Annobar 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum sama da 14,000 a Landan, fiye da ninki biyu na wadda ta gabace ta. Mutanen da suka tsara aikin nan masu kishin talaka ne, kuma bisa abin da suka yarda da shi daidai suka yi: sun fitar da wari daga gida. Wanda ya ɗauka ta hanci cuta ke shiga ba shi da dalilin damuwa da abin da ke cikin tulu.

John Snow likita ne da ya ƙware wajen sa majiyyaci barci kafin tiyata, har ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin lokacin haihuwa a 1853. Aikinsa na yau da kullum shi ne auna yadda tururi ke shiga huhu da yadda ƙarfinsa ke raguwa idan ya bazu cikin iska, shi ya sa bayanin wari bai gamsar da shi ba. Ya ce da ta iska kwalara ke shiga, da huhu za ta fara kamawa. Amma a ciki take farawa, da gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa da amai, duk sauran alamomin kuma, zurmawar ido da ƙagewar jijiyoyi da kaurin jini, sakamakon ruwan da jiki ya zubar ne. Ke nan haɗiye ta ake yi. Tunda kuma mutum ɗaya na iya zama sanadin kamuwar ɗaruruwa, dole abin yana hayayyafa a hanjin mara lafiya, ya fita ta bahayarsa, ya koma bakin wani. Ya rubuta wannan a 1849, ba a kula shi sosai ba.

Labarin da ya fi shahara shi ne na famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad a unguwar Soho, inda a ƙarshen Agusta 1854 cutar ta ɓarke ta kashe kimanin mutum 500 cikin kwana goma. Snow ya bi gidajen mamatan ya ga sun kewaye famfon. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kan titin, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, ba su mutu ba. Wata gwauruwa da ke zaune nesa a Hampstead ta mutu, aka bincika aka tarar kullum ana kai mata ruwan famfon a kwalba saboda ta fi son ɗanɗanonsa. A ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, ko da yake Snow da kansa ya ce annobar ta riga ta fara lafawa saboda mutane sun gudu. Daga baya wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow, ya gano mafarin: wata jaririya ce a gida mai lamba 40 ta kamu, mahaifiyarta ta zuba ruwan wankin tsummokaranta a ramin masai, da aka tona sai aka ga tsakanin ramin da rijiyar bai kai mita ɗaya ba, tubalinsa kuma ya zube.

Amma a ganina hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ya tattara a kudancin kogin. Kamfanoni biyu ne ke ba waɗannan unguwanni ruwa. Na Southwark da Vauxhall yana ɗiba a Battersea, cikin ruwan da magudanan birni ke zuba. Na Lambeth kuwa ya ɗauke wurin ɗibarsa a 1852 ya mayar can sama, wajen Thames Ditton, inda ƙazantar Landan ba ta kaiwa. Saboda tsohuwar gasar kasuwa, bututun kamfanonin biyu suna bin tituna ɗaya, wannan gida na wannan, maƙwabcinsa na wancan. Iska ɗaya suke shaƙa, kwata ɗaya ke gabansu, talaka da mai hali duk a gauraye. Ruwa kaɗai ya bambanta.

Wahalar ita ce 'yan haya da yawa ba su san kamfanin da mai gida ke biya ba. Snow ya samo dabara. Yakan ɗebi ruwan gidan a ƙaramar kwalba ya rubuta adireshi, idan ya koma gida ya ɗiga masa sinadarin azurfa da ke yin fari-fari kamar madara idan ya haɗu da gishiri. Ruwan Battersea na ɗauke da gishiri kusan ninki arba'in na ruwan Lambeth, don haka kallo ɗaya ya isa. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan Southwark da Vauxhall mutum 315 suka mutu. Cikin kowane gida 10,000 masu shan na Lambeth, mutum 37.

Duk da haka kwamitin hukumar lafiya da ya duba lamarin a 1855 bai yarda ba. Akwai dalilin da ya sa. Snow ba shi da abin da zai nuna a ce ga shi, wannan ne gubar. Su ma masu ra'ayin iska suna da nasu alƙaluman. William Farr, babban masanin ƙididdigar mace-mace na gwamnati, ya nuna cewa a annobar 1849 duk yadda unguwa ta yi ƙasa kusa da kogi haka mutuwa ke ƙaruwa, duk yadda ta hau tudu haka take raguwa, ya fassara wannan da cewa mugun tururi a kwari yake taruwa. Lissafinsa daidai ne. Abin da ya ɓoye masa shi ne mutanen kwarin su ne kuma masu shan ruwan da ya fi gurɓata. Snow ya rasu a watan Yuni 1858 ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba.

A wannan bazarar ce zafi ya tsananta, ruwan Thames ya ja baya, ɗoyi ya turnuƙe majalisar dokoki da ke bakin kogin, har aka riƙa jiƙa labulen tagogi da ruwan farar ƙasa mai kulorin. 'Yan majalisar sun yarda wari na kisa, ga shi kuma ya shigo musu har kujera. Cikin makonni kaɗan suka zartar da dokar da ta ba hukumar ayyukan birnin damar cin bashin fam miliyan 3, injiniyanta Joseph Bazalgette ya fara aikin da aka yi shekaru ana ja-in-ja a kansa. Tsarinsa shi ne manyan magudanai na tubali da siminti, masu tsawon kimanin mil 82, waɗanda ke tafiya daga yamma zuwa gabas a gefen kogin suna tare tsofaffin magudanan kafin su zuba. Inda gangare ya ƙare, injinan tururi a Abbey Mills da Deptford ke ɗaga ruwan ya ci gaba, har zuwa Beckton a arewa da Crossness a kudu, inda ake tara shi a sake shi lokacin da ruwan teku ke janyewa.

Aikin ya ceci rayuka masu yawa, domin a ƙoƙarin nesanta wari daga hanci ya nesanta bahaya daga ruwan sha. Sai dai ana iya ganin sawun tsohon ra'ayin a jikinsa. Ba a tanadi tace ƙazantar ko kashe abin da ke cikinta ba, ɗanyarta ake zubawa a kogi, nesa da gari kawai. Kuma magudana ba ta gyara ruwan famfo. A 1866 kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin Landan, yankin da sabuwar magudanar ba ta gama haɗewa ba, kuma wanda kamfani ɗaya ke ba ruwa. Bincike ya nuna kamfanin ya tura wa jama'a ruwan da ba a tace ba daga wani buɗaɗɗen tafki a Old Ford, kusa da kogin Lea. Farr ne ya bi sawun wannan, kuma daga nan ya koma bayan maganar ruwa. Wannan ce annobar kwalara ta ƙarshe a Landan.

A daidai waɗannan shekarun, a ɗakunan gwaji na Faransa da Jamus, ana ta gano abin da Snow ya rasa. Louis Pasteur ya tafasa romo a kwalabe masu dogon wuya a lanƙwashe, waɗanda iska ke shiga amma ƙura ke maƙalewa a lanƙwasar. Romon bai ruɓe ba sai da aka karya wuyan. Wato ruɓa aikin wasu ƙananan halittu ne da ke zuwa daga waje, wari kuma abin da suke bari ne a bayansu. Robert Koch ya ƙara abin da ya fi muhimmanci ga aikin lafiya: kowace cuta da tata ƙwayar. Ya nuna haka a ciwon saifa na dabbobi a 1876, da tarin fuka a 1882. A 1883 ya tafi Masar neman ƙwayar kwalara, daga nan ya wuce Kalkata a Indiya, inda a 1884 ya ware wata ƙwaya mai ɗan lanƙwasa kamar waƙafi daga hanjin mamata, ya kuma same ta a wani kududdufi da mutanen unguwa ke sha suna wanki a cikinsa. Wani likitan Italiya, Filippo Pacini, ya riga ya gan ta a madubin likita tun 1854 a Florence, aka yi watsi da rubutunsa.

Dabarar Koch da ta sauya aikin injiniyoyi mai sauƙin fahimta ce. Ana ɗaukar ɗigon ruwa da aka auna, a gauraya shi da wani abinci mai daskarewa a faranti, a rufe a ajiye kwana biyu. Kowace ƙwaya mai rai za ta hayayyafa a inda ta tsaya har ta zama ɗan tabo da ido ke gani. Sai a ƙirga tabunan. Daga ranar, tsabtar ruwa ta zama adadin da za a iya rubutawa a littafi, a kwatanta na yau da na jiya, a kuma tuhumi ma'aikaci a kansa.

Birnin Hamburg ne ya biya farashin jinkirin karɓar wannan. Bayan gobarar 1842 wani injiniya Bature ɗan Ingila, William Lindley, ya gina wa birnin magudanai na zamani da bututun ruwa, tun kafin Landan ta samu nata sabbin magudanan. Ta ma'aunin masu ra'ayin iska, Hamburg ta yi abin da ya kamata. Abin da ba ta yi ba shi ne tace ruwan da take ɗebowa daga kogin Elbe. An yi shekaru ana muhawarar kuɗin matata, attajiran da ke mulkin birnin suna ɗagawa, har ta kai mutane kan sami ƙananan kifi da tsutsotsi a bututun gidajensu. Manyan likitocin birnin kuma almajiran Max von Pettenkofer ne na Munich, wanda ke koyar da cewa ƙwayar kwalara ita kaɗai ba ta da illa sai ta shiga ƙasa mai danshi da ƙazanta ta nuna, sannan ta taso a matsayin tururi.

A watan Agusta 1892 an yi zafi, ruwan Elbe ya ragu, turin teku ya kai ƙazantar birnin sama har wurin da ake ɗiba. Da aka fara samun masu amai da gudawa a tsakiyar watan, hukumomi sun ɗauki kwanaki ba su sanar ba, suna tsoron a rufe musu tashar jiragen ruwa. A cikin waɗannan kwanakin bututu ya kai cutar kowane gida, na mai kuɗi da na lebura. Kimanin mutum 17,000 suka kamu, kimanin 8,600 suka mutu cikin 'yan makonni.

Manne da Hamburg akwai garin Altona, wanda a lokacin ke ƙarƙashin wata gwamnati dabam, ta Prussia. Garuruwan biyu sun haɗe har akwai titin da gefe ɗaya Hamburg ne, ɗaya gefen Altona. Altona ma daga Elbe take sha, kuma a ƙasa da Hamburg, wato ruwan da ke iso mata ya riga ya kwashi ƙazantar maƙwabciyarta duka. Amma tun 1859 tana bi da shi ta matatar rairayi. A Hamburg mutum 13 cikin kowane 1,000 suka mutu, a Altona kimanin 2, da yawansu kuma masu zuwa aiki Hamburg ne da rana. A kan iyakar, cutar ta bi gefen titi ɗaya ta bar ɗayan. Akwai ma wani rukunin gidaje a cikin Hamburg da ke shan ruwan Altona, bai kamu ba. Ƙasa ɗaya ce, danshi ɗaya, iska ɗaya, don haka bayanin Pettenkofer ba shi da abin da zai ce a kan wannan iyaka. Koch ya iso da umarnin gwamnatin tarayya, aka rufe makarantu, aka riƙa raba tafasasshen ruwa a amalanke, aka yi ta aikin matatar birnin dare da rana har aka kammala a 1893.

Yana da kyau a san yadda irin wannan matata ke aiki, domin nan ne ilimin ƙwayoyin cuta ya nuna amfaninsa a aikace. Babban tafki ne da aka shimfiɗa wa tsakuwa a ƙasa, rairayi mai laushi kimanin mita ɗaya a sama, ruwa na sauka ta ciki a hankali, kimanin santimita 10 a awa. An fara gina su ne don ruwa ya yi garau a ido. Daga baya aka gane ba rairayin ne ke yin babban aikin ba, wata fata ce mai yauƙi da ke tsirowa a samansa, cike da ƙananan halittu masu kamawa da cinye ƙwayoyin da ke wucewa. Idan fatar ta yi kauri ruwa ya daina sauka, sai a tsane tafkin a kankare ta. Nan hatsarin yake, domin bayan kankara matatar na buƙatar kwanaki kafin sabuwar fata ta yi, ruwan da ya wuce a tsakanin kuma fes yake a ido alhali ba a tace shi ba. A farkon 1893, cikin tsananin sanyi, kwalara ta ɗan ɓulla a Altona kanta. Koch ya bi lissafin faranti ya ga adadin ƙwayoyi ya yi tsalle a ruwan da ke fita, aka gano saman rairayin wani tafki ya daskare da ƙanƙara lokacin da aka tsane shi, matatar ta daina aiki yadda ya kamata. Daga nan ya ba da ƙa'idar da aka daɗe ana bi: a gwada ruwan kowane tafki shi kaɗai, kullum, kuma duk wanda ya haura ƙwaya 100 a mililita ɗaya kada a tura ruwansa gari. Dalilin gwada kowanne dabam shi ne idan aka gauraya ruwan tafki goma kafin a auna, lafiyayyu tara za su ɓoye laifin na goma.

Pettenkofer bai sauka daga ra'ayinsa ba. A ranar 7 ga Oktoba 1892, yana da shekara 73, ya sha ruwa mai cike da ƙwayoyin kwalara da aka raina a ɗakin gwaji, bayan ya sha kanwar likita don rage tsamin cikinsa. Ya yi 'yar gudawa ya warke, ya ce ga hujja. Yau an san cewa mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga cikinsu ba sa nuna alama ko kuma suna yin gudawa mai sauƙi, kuma wanda ya taɓa kamuwa yana da ɗan kariya. Gwajin mutum ɗaya ba ya rushe abin da ya faru da dubbai a Hamburg. Amma ba na son a yi wa dattijon nan rashin adalci. Shi ne ya matsa har Munich ta samu magudanai da ruwa mai kyau daga tsaunuka, taifot ya ragu ƙwarai a birnin. Kuma tambayar da ya nace a kanta, me ya sa ƙwaya ɗaya ke kashe wannan ta bar wancan, tambaya ce ta gaske. Yunwa da cunkoso da raunin jiki suna cikin amsar, kuma akwai lokacin da zumuɗin farautar ƙwaya ya sa wasu hukumomi suka fi son feshin magani da killace matafiya a kan gyara gidajen talakawa, saboda ya fi araha.

A ɓangaren rigakafi, sauyin ya ɗauki wata siffa. Edward Jenner ya fara lambar agana a 1796 da ruwan ƙurajen shanu, ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba. Sa'a ce ta halitta: akwai wata cuta mai sauƙi a shanu da ke kare mutum daga mai tsanani. Fiye da shekara tamanin ba a samu ta biyu ba, domin wanda ya ɗauka cuta tururi ce ba shi da abin da zai kama ya raunana. Da aka iya raina ƙwaya a kwalba, hanya ta buɗe. A wajajen 1879 zuwa 1880 Pasteur da mataimakansa suka lura cewa ƙwayar wata annobar kaji, idan ta daɗe a ajiye, ba ta kashe kazar da aka yi wa allura da ita, kuma kazar ba ta mutuwa idan aka sake yi mata da sabuwa mai ƙarfi. A watan Mayu 1881 suka gwada wannan a bainar jama'a a wata gona a Pouilly-le-Fort, da tumaki kusan hamsin. Aka yi wa rabi allurar ƙwayar saifa mai rauni sau biyu, sannan aka yi wa duka mai ƙarfi. Bayan kwana biyu waɗanda ba a yi wa rigakafin ba sun mutu ko suna kan mutuwa, sauran suna tsaye suna kiwo. A 1885 aka yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar rigakafi, ya rayu, duk da cewa ƙwayar wannan ciwon ta yi ƙanƙantar da madubin zamanin ba ya ganinta.

Kwalara ma ta samu nata. Waldemar Haffkine ya haɗa allurarta a Paris a 1892, ya fara gwadawa a jikinsa, daga 1893 ya yi wa dubban mutane a Indiya. Kariyarta ba cikakkiya ba ce kuma ba ta daɗewa. Sabon ilimin ya zo kuma da sabon nau'in hatsari. A 1902, a ƙauyen Mulkowal na Punjab, mutum 19 suka mutu da ciwon sandarewar jiki bayan allurar rigakafin annobar ɓeraye da ɗakin gwajin Haffkine ya haɗa. Duk daga kwalba ɗaya aka yi musu, waɗanda aka yi wa daga sauran kwalaben ba abin da ya same su. An dakatar da shi, sai bayan shekaru masana suka nuna cewa a wurin allurar kwalbar ta gurɓata lokacin buɗe ta, aka wanke shi a 1907. Irin wannan bin sawu ne ya sa ake rubuta lambar kowane rukunin magani da sunan wanda aka yi wa. Rigakafin kwalara na yau ɗigawa ake yi a baki, yana karewa na 'yan shekaru, kuma an yi amfani da shi a sansanonin 'yan gudun hijira na Borno a 2017. Yana sayen lokaci ne kafin a gyara ruwa.

Duba-gari da iyayenmu suka sani, mai leƙa randa da salga da kwata, asalin aikinsa daga dokokin tsabta na Ingila na zamanin Chadwick ya fito, lokacin da hanci da ido su ne kayan aiki. Har yanzu yawancinmu da su muke auna ruwa: idan ya yi garau, ba wari, ya yi sanyi a randa, mun yarda da shi. Ruwan titin Broad ma haka yake, har daga nesa ake aikowa a ɗeba. A unguwanninmu da gidaje suka matsu, rijiya da masai sukan kasance a tsakar gida ɗaya, da damina ruwan ƙasa ya taso ya haɗa su, shi ya sa amai da gudawa ke bin watannin ruwa. Shawarar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar kimanin mita 30 tsakaninsu, masai kuma ya kasance ta gangare. Inda fili bai ba da haka ba, abin da ya rage shi ne tafasawa ko kulorin, wanda a Amurka aka fara zuba shi a ruwan gari ba yankewa a birnin Jersey City a 1908. Shi ma sai an auna. Ruwa mai laka yana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar, don haka a bar shi ya kwanta ko a tace tukuna, a zuba, a jira minti 30. Lokacin annoba ana so a sami ragowar kimanin miligiram 0.5 a kowace lita a inda mutum ke ɗiba, ba a tashar ruwa kaɗai ba, domin fasasshen bututun da ya ratsa kwata yana zuƙar abin da ke kewaye da shi duk lokacin da aka ɗauke ruwa.